Naman akuya mai tauri: tukunyar firesha ko tukunyar da muka saba?

*"Na sayi naman akuya kilo ɗaya, ya yi awa ɗaya da rabi a kan gas, har yanzu haƙori ba ya shigarsa. An ce in sayi tukunyar firesha. Minti nawa zai ɗauka a cikinta idan aka kwatanta da tukunyarmu ta kullum, kuma ɗanɗanon ɗaya ne?"*

'Yar'uwa, da alama tsohuwar akuya aka yankar miki. Irin wannan nama yana bukatar awa biyu da rabi zuwa uku a tukunyar da muka saba, a kan wuta kaɗan, da murfi a rufe. A tukunyar firesha kuwa minti 45 zuwa 50 ne, a ƙirga daga lokacin da ta fara huci, sannan a ba ta kamar minti 15 ta huce da kanta kafin a buɗe. Wato naman naki bai lalace ba, rabin hanya kawai ya yi kika sauke shi. Idan yana nan, ki mayar da shi wuta, zai yi.

Amma zan so ki gane abin da ke faruwa a cikin tukunyar, domin akuyar gobe ba lallai ta zama irin ta yau ba, kuma duk wanda ya ba ki adadin minti guda ɗaya ya ce ya isa ga kowane nama, bai gaya miki gaskiya duka ba.

Idan kika ɗauki yankan karfata ko na ƙauri ɗanye kika duba shi a haske, za ki ga wani farin yaɗi mai ƙyalli ya lulluɓe tsokar, da zare-zare na jijiya da suka ratsa cikinta har zuwa ƙashi. Taurin naman akuya a nan yake. Ita tsokar, jan naman, cikin minti kaɗan take dahuwa. Farin nan shi ne mai gardama. Da ya ji zafi sai ya fara tsukewa, ya matse tsokar, ruwan jikinta ya fita. Shi ya sa a minti talatin na farko nama yake ƙanƙancewa ya fi yadda yake ɗanye tauri. Sai an ci gaba da ba shi zafi da danshi na dogon lokaci sannan jijiyar take narkewa ta koma wannan abu mai danƙo da ke sa romo ya kama leɓe, ya kuma daskare idan ya kwana a firji. Laushin nama ke nan, babu wani sirri bayan wannan. Akuya kuwa dabba ce mai yawo da hawa da sauka, kitsenta ba ya shiga cikin tsoka sosai, ya fi taruwa a ciki wajen ƙoda da hanji. Saboda haka babu maiƙon da zai rufa wa taurin asiri kamar yadda yake yi a naman rago. Kuma duk shekarar da ta ƙara, jijiyar tana ƙara ƙulluwa, tana ƙara wuyar narkewa.

To, abu biyu ne ke narkar da ita, zafi da lokaci, kuma idan ɗaya ya ƙaru ɗayan yana raguwa. A nan ne bambancin tukwanen biyu yake. Ruwa a tukunyar da muka saba ba ya wuce digiri 100 a ma'aunin zafi, komai ƙarfin wutar da kika sa masa. Wannan ma a bakin teku ne, irin Legas. A Kano yana tafasa ne a wajen 98, a Jos kuma da take kan tudu mai kusan mita 1,200, a wajen 96, shi ya sa nama da wake suke ɗan ƙara jinkiri a can. Idan kin ƙure gas har tukunya tana tsalle, ba ki ƙara wa naman zafi ko kaɗan ba. Ruwan ne kawai yake saurin ƙonewa, gas yana tafiya, naman na waje yana farfashewa na ciki yana nan yadda yake. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani a wurin masu girki, kuma yana ba ni takaici saboda tsadar gas.

Ita tukunyar firesha tana kulle tururi ne ya rasa hanyar fita, sai matsin ciki ya hau, ruwan ya kasa tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Wannan ƙarin na digiri ashirin yana sa jijiya ta narke da sauri kamar ninki uku. Shi ya sa lissafin da nake bi mai sauƙi ne: duk lokacin da nama zai ci a tukunya ta kullum, ki raba shi uku, kashi ɗaya shi ne na firesha. Ɗan akuya da bai shekara ba, wanda zai yi awa ɗaya zuwa awa ɗaya da kwata, minti 20 zuwa 25 ya ishe shi. Matsakaiciya mai shekara biyu, mai cin awa biyu, minti 35 zuwa 40. Tsohuwar da ta sha haihuwa ko tsohon bunsuru, minti 45 zuwa 50, wani lokaci har awa guda. Kai da ƙafa da aka babbake, su ma ki sa musu minti 50 zuwa awa ɗaya, domin fata da jijiya ne kusan duka.

Yadda za ki san wacce kika samu tun a wurin mahauci: naman ƙaramar akuya ja ne mai haske, ƙasusuwan haƙarƙarinsa sirara ne masu ɗan ja-ja, ga guringuntsi mai taushi a ƙarshensu. Na tsohuwa ja ne mai duhu, zaren tsokar manya, ƙashin fari fat mai ƙarfi, kitsen yakan karkata zuwa rawaya. Idan kan yana ajiye a kan tebur, ki ce ya buɗe miki bakin. Akuya tana da haƙora takwas a gaba ta ƙasa. Idan duk ƙanana ne, na nono, ba ta wuce shekara da 'yan watanni ba. Idan biyu na tsakiya sun zama manya masu faɗi, ta haura shekara. Idan duka takwas manya ne, ta kai shekara huɗu ko fiye, kin san tukunyarki za ta daɗe a wuta. Mahauta sun san wannan sarai, da shi suke ciniki a kara.

Bari mu bi naki kilo ɗayan daga farko, a ce karfata ce da wuya na tsohuwar akuya, farfesu za a yi.

Ki sa a yanka shi daidai wa daida, kowane yanki kamar faɗin yatsa uku. Girman yanka shi ke canja lokaci, yawan nama ba ya canjawa sosai: kilo ɗaya da kilo biyu duk minti ɗaya suke ci bayan tukunya ta ɗauki huci, sai dai mai kilo biyu ta fi daɗewa kafin ta ɗauka. Idan wani yankin ya ninka wani, ƙaramin zai dagargaje babban yana nan da sauransa. Ki wanke, ki zuba a cikin tukunyar firesha ɗin amma kada ki rufe tukuna. Ki sa ruwa kofi biyu, ki bari ya tafaso a buɗe na minti biyar, ki kwashe kumfar nan mai toka-toka da ke tasowa. Wannan matakin mutane da yawa suna tsallake shi, sai su zo suna cewa naman firesha yana ƙarni. Dalili shi ne duk abin da kika rufe da shi yana nan a ciki, babu inda zai je. A tukunya ta kullum, warin bunsuru yana bin tururi ya fita a hankali cikin awa biyun nan. A firesha kuwa sai dai ki ba shi hanya tun farko. Idan bunsuru ne sosai, ki zubar da ruwan farkon gaba ɗaya, ki rage kitsen da ke jikinsa, domin warin a kitse ya fi zama.

Daga nan ki sa albasa babba ɗaya, dakakkiyar citta, tafarnuwa, masoro, kanumfari uku ko huɗu, kimba ɗaya da aka fasa, da gishiri. Gishiri ba ya hana nama dahuwa, wannan zance ne kawai, gara ma ki sa shi da wuri ya ratsa. Ruwan kada ya rufe naman, ya tsaya a rabinsa ko ya ɗan haura. Kofi ɗaya da rabi zuwa biyu ya isa kilo guda, domin naman zai fitar da nasa, kuma kusan babu abin da zai ƙone. Kada duka abin da ke ciki ya wuce kashi biyu cikin uku na tukunyar.

Ki rufe, ki ba ta wuta sosai. Cikin kamar minti goma za ta fara huci, ko ƙarfen da ke kan murfin ya fara rawa, ko ta yi fito idan irin mai fito ce. Daga nan ne agogonki zai fara. Nan take ki rage wuta zuwa inda hucin zai ci gaba a hankali ba tare da ya yanke ba. Ban yarda da ƙirga fito ba, irin a ce "fito shida", domin yawan fito ya danganta da ƙarfin wuta da girman tukunya, fito shida a gidanki yana iya zama minti goma, a gidan maƙwabciyarki minti ashirin da biyar. Ki ƙirga minti 45, ki kashe wuta.

Sai abin da ya fi komai muhimmanci a wurina: kada ki ɗaga ƙarfen don tururi ya fita da sauri, kada kuma ki kai ta ƙarƙashin famfo. Ruwan da ke ciki, har da wanda ke cikin tsokar, ya haura digiri ɗari. Idan matsin ya sauka farat ɗaya, duk sai ya tafasa da ƙarfi lokaci guda, ya yayyaga zaren naman ya fice. Za ki buɗe ki tarar da nama ya yi laushi amma ya bushe, kina taunawa yana tsaya miki a maƙogwaro. Ki bar ta minti 15 ta sauka da kanta. A cikin wannan lokacin ma dahuwa take ci gaba da yi, ba tare da ko sisin gas ba.

Da kin buɗe, ki soka cokali mai yatsu a yanki mafi girma ki murɗa. Idan ya shiga ba gardama, tsokar ta rabu, naman ya ɗan janye daga bakin ƙashi, ya yi. Ki ɗanɗani romon. A nan za ki samu amsar tambayarki ta biyu, domin za ki ji shi da ɗan salam, ƙamshin kayan yajin ya kwanta. Ɗanɗanon ba ɗaya ba ne, kuma duk mai cewa ɗaya ne bai saba da farfesun gawayi ba. A tukunya ta kullum ruwa yana raguwa a hankali, romon yana haɗe jikinsa, maiƙo da albasa suna narkewa cikin juna. A firesha ruwan da kika zuba shi za ki tarar, har da ƙari. Maganinsa kuwa ba wuya. Ki mayar da ita wuta a buɗe, yanzu ne za ki sa jajjagen attaruhu da tattasai, daddawa, dunƙule, da ɗan ƙarin citta, ki bar shi yana ɓararraka a hankali minti 15 zuwa 20 har romon ya ragu ya yi kauri. Da wannan ƙarashen, kaɗan ne za su iya bambance shi da wanda ya wuni a murhu.

Yanzu mu haɗa lissafin da gaskiya. Minti biyar na kwashe kumfa, goma kafin ta ɗauki huci, 45 na dahuwa, 15 na hucewa, 15 na ƙarashe. Awa ɗaya da rabi ke nan daga ɗora tukunya zuwa zubawa a kwano. A tukunya ta kullum naman nan awa uku zai ci. Saboda haka abin da kika rage a agogo rabi ne, ba kashi biyu cikin uku ba kamar yadda masu sayar da tukunyar suke faɗa. Ribar da ta fi girma a wurin gas take, domin yawancin lokacin wutar a ƙasa take, wani ɓangaren ma a kashe. Ga wadda take girki da gas kullum kuma take yawan dafa nama, wake, ganda ko ƙafar saniya, tukunyar tana mayar da kuɗinta. Ga wadda take da gawayi ko itace a wadace kuma tana gida, babu dole.

Idan da tukunya ta kullum za ki ci gaba, ga yadda za ki taimaki kanki. Ki nemi mai kauri, irin ta dalma da ake zubawa, mai murfin da ya zauna daidai. Ki fara sulala naman da albasa da kayan ƙamshi ba tare da ruwa ba, a wuta kaɗan, ya fitar da ruwan jikinsa ya kusa shanyewa, kamar minti ashirin. Sannan ki zuba ruwan zafi ya rufe shi. Ki rage wuta har sai kin ga ƙwayoyin tafasa suna tasowa ɗaya bayan ɗaya a gefe, ki rufe. Duk minti talatin ki duba, idan ruwa ya ja ki ƙara, amma na zafi. Ruwan sanyi yana mayar da tukunya baya, sai ta ɗauki minti biyar ko goma kafin ta dawo inda take, idan kika yi haka sau huɗu kin ƙara wa kanki minti ashirin zuwa arba'in. Gawayi ya dace da wannan aiki ƙwarai, domin bayan ya gama ruruwa yana ba da zafi marar yawa na dogon lokaci, daidai abin da jijiya take so. Kada ki fara gwada naman kafin awa biyu, ɓata rai kawai za ki yi.

Akwai wani tauri na daban da ƙarin lokaci ba ya magancewa, kuma dole ki iya rarrabe su. Naman da bai dahu ba yana da tsalle a haƙori, yana manne da ƙashi, idan kin yanka za ki ga jijiyar fara ce mai ƙarfi. Wannan a mayar da shi, minti goma a firesha ko rabin awa a tukunya. Amma tsokar cinya zalla, marar ƙashi marar jijiya, idan ta wuce lokacinta sai ta rabu zare-zare, ta bushe, ki yi ta tauna ba ta haɗiyuwa. Mai girki sai ta ɗauka bai dahu ba ta ƙara masa wuta, alhali ƙari ne yake ɓata shi. Cinya da gadon baya ba sa son fiye da minti 25 zuwa 30 a firesha ko da akuyar ta manyanta. Shi ya sa idan kilo ɗin naki gauraye ne, ki fara sa wuya, karfata da ƙauri, ko kuma ki yanka tsokar cinyar manya-manya ta yadda za su ƙare tare. Wanda ya riga ya bushe, ki daka shi ki yi dambun nama, a nan zai yi kyau. Idan kuma soyawa za ki yi bayan tafasa, ki rage minti goma daga lissafin, don kada ya watse a cikin mai.

Wani abin da ke sa nama tauri tun kafin ya ga tukunya shi ne sabon yanka. Awanni kaɗan bayan an yanka dabba tsokarta takan sandare, kuma sai ta yi kamar kwana ɗaya kafin ta saki. Naman da kika saya da hantsi, wanda aka yanka da asuba, sau da yawa yana tsakiyar wannan sandarewar ne lokacin da kike ɗora shi. Iyayenmu da suke rataye naman layya ya sha iska sai washegari a yi aikinsa, sun san abin da suke yi. Idan kina da firji mai wuta, ki sa shi a ɓangaren sanyi na ƙasa ya kwana, gobe ki dafa, za ki ga bambanci. Kada dai ki jefa nama mai ɗumin yanka kai tsaye cikin firiza, saurin daskarewar yana sa tsokar ta ƙanƙance ta ƙara tauri. Idan babu tabbacin wuta, musamman a watannin zafi, ki dafa shi a ranar, ki ƙara masa lokaci kawai.

Za a ba ki shawarar kanwa. Tana aiki, gaskiya ne, amma tana baƙanta nama, tana sa shi santsi da wani ɗanɗano kamar na sabulu idan ta ɗan yi yawa, kuma a firesha tana tayar da kumfa da za ta iya toshe hancin tururi. Ni ba na sa ta. Ɗanyar gwanda da aka goga, ko ɗanyar citta, idan aka cuɗa nama da su aka bar shi awa ɗaya, suna tausasa bayansa, sun fi amfani a naman gashi da ake yanka shi falle-falle, ba sa ratsa babban yanki har ciki. Abin da nake roƙonki da shi shi ne kada ki taɓa jefa farasitamol a tukunya, ko wa ya ce miki yana yi. Magani ne mai ƙa'idar sha, yawansa yana lalata hanta, kuma babu wanda ya san nawa ya shiga kwanon yaro.

Idan kin tashi saye, ki ɗauki mai lita shida ko bakwai, ta isa kilo biyu. Ki tambaya ko ana samun robar murfinta a kasuwa, domin ita ce ke fara mutuwa. Alamar ta mutu ita ce tururi yana fita ta gefen murfi, ƙarfen sama ba ya motsi. A wannan hali tukunyar ba ta tara matsi, ruwan yana ƙonewa, za ki cika minti 45 ki tarar da nama da tauri gindin tukunya ya kama. Kafin kowace dahuwa ki ɗaga murfin sama ki leƙa ta hancin tururin ki ga haske, idan ya toshe ki zura tsinke. Kada ki sa markaɗen tumatir mai kauri a ciki ki rufe, yana kwanciya a ƙasa ya ƙone, miyar a yi ta daban ko bayan an buɗe. Murfi kuma idan ya ƙi buɗuwa, akwai sauran matsi a ciki, a jira shi, ba a yi masa ƙarfi. Mai aiki da lantarki matsinta bai kai na ta kan gas ba, don haka ki ƙara mata kamar minti goma a kan tsohuwar akuya, ki kuma tabbata wutar unguwarku za ta kai ƙarshen dahuwar kafin ki ɗora.